Tambari ɗaya ya fito da ja iri uku: ina kuskuren yake?

Nana Mariyama: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Wata huɗu ke nan da na fara sayar da alkaki da dubulan a cikin ƙananan robobi masu murfi daga gidanmu a Birni, kuma wani ƙanena ɗalibi ne ya zana mini tambari a waya: hoton alkaki guda ɗaya a sama, sunan sana'ar a ƙasa, da launin ruwan hanta a kan ruwan madara. A fuskar waya abin ya yi kyau ƙwarai. Da na kai aka buga mini sitika ɗari biyar ta liƙawa a murfi, sai launin ya fito kamar ƙasa-ƙasa, kyallen tallan da na rataya a ƙofar gida kuma ya fito ja zur kamar tumatir, alhali hoto ɗaya na tura wa duka biyun ta WhatsApp. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sunan sana'ar yana da kalmar "ɗanɗano", amma a sitikar haruffan ɗ guda biyun sun fito sirara, kamar ba ƴan gida ɗaya ba ne da sauran. Yanzu ina shirin sake bugawa kafin bukukuwan aure su kankama, kuma ba na son jikka goma sha biyar ta sake tafiya a banza. Me ya kamata in tanada kafin in koma?

Ma'azu: Wa alaikumus salam, Yaya Mariyama. Ni a ganina laifin masu bugawa ne kawai, domin da yawansu tawada mai arha suke zubawa a injin. Ki canza wuri, ki kai wa wanda injinsa sabo ne, kuma ki tsaya a kansa ki nuna masa wayarki har ya daidaita launin da abin da yake gani.

Malam Isuhu: Ma'azu, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, domin tawada da takarda suna canza launi, amma shawarar a nuna waya ita ce za ta sake jefa ta cikin ramin da ta fito. Shekara goma sha ɗaya ina aikin zane da ɗab'i, kuma ban taɓa ganin wayoyi biyu da suka nuna ja iri ɗaya ba. Ko waya ɗaya ce, abin da take nunawa a tsakar gida da rana daban yake da abin da take nunawa a ɗaki bayan magariba. Malama Mariyama, abin da ya faru shi ne kin ba su hoto, ba ki ba su ma'auni ba, don haka kowannensu ya yi amfani da idonsa da injinsa. Abin da kike bukata bai wuce shafi ɗaya ba, wanda zai ɗauki lambobin launukanki, da filin da za a bar wa tambari, da sunayen salon haruffan da za a riƙa rubuta miki komai da su. Ki turo mini ainihin hoton a matsayin fayil, ta wurin da WhatsApp ya rubuta Document, domin idan aka tura shi ta hanyar hotuna matse shi ake yi, gefen haruffa ya dagule.

Nana Mariyama: Na tura muku yanzu, Malam. Ƙanen nawa ya ce shi ma ba shi da wata lamba, da yatsa ya ja har ya ga launin da ya yi masa.

Malam Isuhu: Na gani, kuma na auna. A cikin tambarin kansa ma ruwan hantar iri biyu ne, na sunan ya ɗan fi na da'irar haske, wanda ke nuna sau biyu aka zaɓe shi da yatsa. Na ɗauki na da'irar domin shi ya fi cika ido, na haɗa da sauran biyun da kike amfani da su. Ga su:

```
Ruwan hanta   #7A1F2B   RGB 122 31 43
Ruwan madara  #F6E7C8   RGB 246 231 200
Ruwan zuma    #D9962B   RGB 217 150 43
```

Lambar farko mai alamar # ita ce za a rubuta a Canva ko kowace manhajar zane a wurin zaɓen launi, ta biyun kuma abu ɗaya take faɗa da ita, wato yawan ja da kore da shuɗin hasken da fuskar waya take haɗawa, kowanne daga 0 zuwa 255. Daga yau duk wanda zai yi miki hoton talla, lambar zai rubuta, ba zai ja da yatsa ba. Na tsaya a launi uku da gangan, kuma ina so kowanne ya san aikinsa: ruwan madara shi ne shimfiɗa, ruwan hanta shi ne na suna da rubutu, ruwan zuma kuwa na hoton alkakin ne da ɗan layin ado kawai.

Habsatu: Malam, ku yi haƙuri in sa baki, domin ni ma ina sayar da lemun tsamiya kuma ina bin maganar da kyau. Me ya sa za a hana ta yin rubutu da ruwan zuma? A ganina shi ne launin da ya fi kama da alkaki, kuma a hoton da ta sa a makon jiya lambar wayarta da shi aka rubuta, ya yi kyau.

Malam Isuhu: Ya yi kyau idan kin kawo wayar kusa da fuska, Malama Habsatu, amma ki tuna wanda zai karanta lambar nan wataƙila dattijo ne da aka miƙa wa roba a wurin ɗaurin aure, yana ƙarƙashin rumfa, ba tabarau a aljihunsa. Akwai ma'aunin da masu zanen shafukan intanet suke bi, mai suna WCAG, wanda yake auna tazarar haske tsakanin rubutu da abin da aka rubuta shi a kai, kuma ya nemi ƙaramin rubutu ya kai 4.5, babba kuma ya kai 3. Na saka lambobin nan a ma'aunin. Ruwan hanta a kan ruwan madara ya haura 8, wato ya wuce abin da ake nema nesa ba kusa ba, ruwan zuma a kan ruwan madara kuwa da ƙyar ya wuce 2. Idan an ɗora ruwan zuma a kan ruwan hanta yana kai wajen 4, saboda haka za a iya rubuta babban kanu da shi a kyallen talla, amma ban da lambar waya. Ma'aunin don fuskar na'ura aka yi shi, sai dai abin da ya gaza a waya mai haskenta bai cika tsira a takarda ba. Hanya mai sauƙi ta gwadawa ba tare da lissafi ba ita ce ki mayar da hoton baƙi da fari a wayarki: rubutun da ya narke cikin shimfiɗarsa, to shi ne zai ɓace wa mai karatu.

Ma'azu: To ai shi ke nan an gama. Ta kai wa mai bugawa waɗannan lambobin, ya rubuta su a kwamfutarsa, dole launin ya fito daidai a ko'ina.

Alhaji Lawali: Ɗana Ma'azu, da haka abin yake da mun huta. Ni ina da injin buga sitika da kyallen talla a Zango, kuma injina bai san haske ba, tawada huɗu ya sani, waɗanda ake kira CMYK: shuɗi mai haske, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙi. Idan aka ba ni lambar waya, kwamfuta ce take fassara ta zuwa tawada, kuma fassarar ta dogara da yadda aka saita injin da kuma abin da za a buga a kai. Takarda maras sheƙi tana shan tawada sai launi ya dushe ya yi duhu, leda mai sheƙi tana riƙe ta a sama sai ya ƙara kaifi. Wannan shi ne dalilin da sitikar ƴata Mariyama ta yi ƙasa-ƙasa, kyallen ya yi ja. Ruwan hanta yana cikin launuka masu wuyar sha'ani, domin da zarar rawaya ta ɗan yi yawa ya koma ruwan ƙasa, idan baƙi ya ragu kuma ya koma ja. Da ni ne, zan fara da `C30 M95 Y75 K35`, in buga ƙananan murabba'ai shida a jere a kan ainihin takardar sitikar, ina rage rawaya da biyar-biyar a wasu, ina motsa baƙi a wasu, kowanne da lambarsa a ƙarƙashi. Ita kuma ta fito da takardar waje, a inuwa, da hantsi, ta zaɓi wanda ya kwanta mata. Wanda ta zaɓa ta yanke shi ta adana a cikin ambulan inda rana ba ta taɓa shi, domin daga ranar shi ne alƙali tsakaninta da kowane mai bugawa, har da ni.

Malam Isuhu: Alhaji ya faɗi abin da ya fi nawa amfani. Zan ƙara kawai cewa a shafin a rubuta lambar CMYK ɗin tare da sunan abin da aka gwada ta a kai, kamar "takardar sitika maras sheƙi", sannan a yi wani gwajin daban domin kyallen talla. Kada ki yi mamaki idan lambobin biyu suka sha bamban, ido ne ake so ya ga abu ɗaya.

Sani Baduku: Ni tambayata ita ce, idan ta yi duk wannan, shin wani ba zai iya ɗaukar tambarin ya liƙa a nasa alkakin ba? Na ji ana cewa sai an yi rajista. Mu a dukanci mun sha ganin an kwaikwayi zanen jaka kafin mako ya zagayo.

Malam Isuhu: Wannan wata magana ce daban, Malam Sani. Rajistar tambari a Nijar ta hannun OAPI, wato ƙungiyar kare mallakar fasaha ta Afirka, ake yin ta, wadda hedikwatarta take Yawunde, kuma shafin da muke magana a kai ba ya kare kowa a gaban shari'a. Aikinsa shi ne tambarin ya fito iri ɗaya a duk inda aka buga shi. Amma tun da ka zo, sana'arka ta tuna mini da abin da na kusa mantawa. Kai da kake buga hatimi a fata ka san ba launi a wurin, shatin ƙarfe ne kawai. Ita ma Malama Mariyama tana bukatar tambarinta a launi ɗaya tak, baƙi a kan fari da kuma fari a kan duhu, saboda hatimin rasit da ranar da za ta buga a takarda mai arha. Na gwada nata, kuma layukan murɗin alkakin sun haɗe sun zama dunƙule ɗaya, don haka sai an rage su daga bakwai zuwa huɗu an kuma ƙara musu kauri.

Nana Mariyama: Na gode ƙwarai. To maganar filin da za a bar wa tambari fa, Malam? A sitikar da aka buga, mai aikin ya cusa lambar wayata da jerin kayan haɗi har suna taɓa sunan, ya ce wuri ne ya yi kaɗan, kuma a wasu ma wuƙar yanka ta ci gefen da'irar.

Malam Isuhu: Matsala biyu ce a nan, kuma gara a raba su. Ta farko ita ce filin tambari. Ba a faɗinsa da santimita, domin tambarin da yake santimita uku a murfi zai zama rabin mita a kyalle. Ana ɗaukar wani sashe na tambarin kansa a mayar da shi mudu. A naki na ɗauki tsayin babban harafin farko na sunan, kuma ƙa'idar ita ce ta kowane gefe huɗu a bar fili daidai da wannan tsayin, ba rubutu, ba hoto, ba layi. Ana fara awon daga abin da ya fi fitowa waje, wanda a naki ƙugiyar Ɗ ce ta hagu, domin masu aiki da yawa daga jikin harafin suke aunawa su manta da ƙugiyar.

Bari mu gwada a murfin. Sitikarki da'ira ce mai faɗin milimita 50. Idan tambarin ya zama 30 a faɗi da 18 a tsayi, harafin farko zai kai wajen milimita 4, saboda haka tambari da filinsa za su ci 38 da 26. A nan matsala ta biyu take shigowa, wato wuƙar yanka, wadda ba ta sauka daidai a wuri ɗaya sau ɗari biyar. Ana barin milimita 3 daga baki zuwa ciki ba a sa komai mai muhimmanci, sannan a shimfiɗa launin ƙasan ya zarce bakin da wasu milimita 3 domin kada farin layi ya bayyana idan wuƙar ta ɗan kauce. Abin da ya rage miki shi ne wajen milimita 9 a sama da 9 a ƙasa, kuma da'ira tana tsukewa. Lambar waya mai alƙaluma takwas za ta zauna a ƙasa lafiya, ɗan gajeren kirari zai zauna a sama, jerin kayan haɗi kuwa ba shi da wuri, sai dai a yi masa wata ƙaramar sitika a gindin robar. Siririyar da'irar da ke bin bakin sitikar kuma ina ba da shawarar a cire ta gaba ɗaya, domin ita ce take tona asirin wuƙa: kaucewar milimita ɗaya ta isa a ga gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri.

Habsatu: A hoton WhatsApp na sana'a fa? Nawa kullum gefen sunan yankewa yake yi.

Malam Isuhu: Saboda da'ira yake yanka hoton, kuma a jerin saƙonni bai kai girman farcen babban yatsa ba. A can hoton alkakin kaɗai za a sa, ba suna, tun da sunan yana rubuce a gefensa. A shafin a rubuta cewa cikakken tambari ba ya sauka ƙasa da milimita 25 a faɗi, duk abin da ya gaza haka hoton kaɗai ne. Wannan adadin ma na kintata ne daga kaurin haruffan, sai Alhaji ya buga shi a 30 da 25 da 20 mu ga inda ƙugiyoyin suka fara toshewa.

Malama Zainabu: Ni malamar makaranta ce, kuma maganar ƙugiya ce ta sa na kasa yin shiru. Kirarin da ke kan kyallen Mariyama, wanda nake wucewa ta gabansa kullum, an so a rubuta "Na tarbar baƙi" ne, amma abin da ke rataye shi ne "Na tarbar baki". Yara suna karantawa suna dariya, ko da yake wani ya ce ai alkaki bakin yake tarba. Me yake sa haruffan nan suke ba da wahala haka?

Malam Isuhu: Ba kowane salon haruffa ne aka zana masa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba, Malama, musamman salon ado da matasa suke so. Idan aka rubuta harafin da salon ba shi da shi, manhajar takan aro shi daga wani salon a ɓoye, shi ya sa ɗ ɗin sitikar suka fito sirara, ko kuma ta sa ɗan akwati a wurinsa, sai mai aikin ya goge ya sa k ko d domin ya huta. Kafin a amince da kowane salo, a liƙa wannan layin a duba shi harafi bayan harafi:

```
Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ é è ê ç 0123456789
```

Na sa haruffan Faransanci saboda rasit da jerin kayan haɗi. A gwada shi a siriri, a sake gwadawa a mai kauri, a kuma lura da manyan haruffan, domin su aka fi mantawa da su. Ga Malama Mariyama salo biyu sun isa: Noto Serif mai kauri domin suna da kanu, Andika domin ƙananan rubutu da lambobi. Dukansu kyauta ne, lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su, kuma suna da haruffanmu cikakku. Andika ma ƙungiyar SIL ta zana shi ne domin masu koyon karatu, shi ya sa haruffansa ba sa rikicewa da juna ko an ƙanƙanta su.

Alhaji Lawali: Sai dai a tuna ba lallai ne kwamfutar mai bugawa tana da waɗannan salon ba, kuma idan babu, za ta musanya da wani ba tare da sallama ba. A kawo mana tambarin a PDF ko SVG wanda aka riga aka mayar da rubutunsa zane. A manhajar zane ta CorelDRAW `Ctrl+Q` ne yake yin haka. Amma a ajiye kwafi ɗaya da ba a mayar ba, domin ranar da lambar waya ta canza.

Ma'azu: Ni har yanzu ina ganin Noto Serif ɗin nan ya yi kama da rubutun takardar gwamnati. Salon da ƙanenta ya zaɓa ya fi armashi, kuma mutane sun fara sabawa da shi. Ba za a iya zana wa d ɗin ƙugiya da hannu ba?

Malam Isuhu: Za a iya, a cikin tambarin kaɗai, tun da sau ɗaya za a zana shi a mayar da shi zane, kuma na yarda da kai cewa tsohon salon yana da fara'a. Sharaɗin shi ne ƙugiyar ta yi kauri ɗaya da jikin harafin, kuma a duba lasisin salon, domin da yawa daga waɗanda ake saukewa kyauta an hana kasuwanci da su. Amma kanun tallan da za a riƙa sauyawa kowane mako ba za a zauna ana yi musu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya ba.

Malama Zainabu: Akwai kuma abin da shafin ya kamata ya yanke. Mu a nan ƴ muke rubutawa, a Najeriya kuwa 'y suke sawa, kuma na san ana sayen alkakin nan a kai tsaraba Kano. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai, kada sitika ta ce "ƴan uwa" kyalle ya ce "'yan uwa".

Nana Mariyama: Zan tsaya a kan ƴ, tun da a Damagaram ake yin alkakin. Maganar salon sunan kuwa ban yanke ba, domin ƙanen nawa ya ji zafi da na ce za a canza, kuma ni ma ina son yadda wutsiyar harafin ƙarshe take lanƙwasa. Malam Isuhu, idan ba damuwa ku zana mini duka biyun, na Noto Serif da tsohon mai gyararriyar ƙugiya. Alhaji, zan zo ranar Asabar da hantsi da robar da murfinta, a buga su a girma ukun nan tare da murabba'an launin. Tambaya ɗaya ta rage mini: mai fentin da zai rubuta mini suna a bangon zaure ba ya aiki da kwamfuta, gwangwanayen fenti yake haɗawa da idonsa. Shi wace lamba zan ba shi?

Alhaji Lawali: Shi ba lamba, ƴata. Guntuwar takardar da kika zaɓa za ki kai masa, ya shafa gwaji a gefen bangon, ki jira ya bushe kafin ki ce e, domin fenti ɗanye da busasshe ba launinsu ɗaya ba. Ki zo da ambulan ɗin ranar Asabar, zan buga miki murabba'in da ya fi girma saboda shi.